Bugun zafi da masassara: me ya sa parasetamol ke sauke ɗaya, ya kasa sauke ɗayan?

Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yuni, zafin rana a Tawa da Yamai yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranaku ya haura 44. A irin wannan lokaci gidajen rediyo kan yi ta maimaita gargaɗi a kan bugun zafi, wato taruwar zafi a jikin mutum har hankalinsa ya rikice, musamman tun bayan abin da ya faru a bazarar 2024. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka samu. A aikin Hajjin 2024 ma mahukuntan Saudiyya sun sanar da rasuwar alhazai 1,301, da yawansu saboda zafi.

Sai dai gargaɗin ya bar mutane da tambaya. Idan jikin mutum ya yi zafi, abin da kowa ya sani shi ne masassara, kuma maganinta na farko parasetamol ne. To me ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa mai bugun zafi kada a tsaya ba shi ƙwaya, a kwara masa ruwan sanyi? Kuma me ya sa su ɗin dai ke hana a yi wa mai masassara wanka da ruwan ƙanƙara? Amsar tana ga inda zafin ya fito da kuma abin da jiki ke ƙoƙarin yi da shi.

## Zafin ciki da zafin fata

Idan likita ya ce zafin jiki, zafin ciki yake nufi, wato na jini, da ƙwaƙwalwa, da hanta, da zuciya. A wurin mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ko ana sanyin hunturu ko ana bazara. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira haipotalamus, shi ke riƙe da wannan ma'auni. Idan jini ya ɗumama fiye da kima, yakan buɗe jijiyoyin fata ya saki gumi. Idan ya yi sanyi, yakan matse su ya kawo rawar ɗari.

Fata kuwa tana bin iskar da ke kewaye da ita da gumin da ke kanta. Saboda haka ma'aunin da ake sa wa a hamata, da wanda ake haska wa a goshi, ba ciki suke aunawa kai tsaye ba. A wurin mai masassara da ke kwance a ɗaki, bambancin bai cika wuce rabin digiri zuwa ɗaya ba, shi ya sa ake amfani da su. A wurin wanda ya faɗi a rana yana jiƙe da gumi, hamata na iya nuna 38.5 alhali ciki ya wuce 41. Awon da ake dogara da shi a bugun zafi na dubura ne, kuma wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

## Masassara: jiki ne ya ɗaga ma'auninsa

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ta cizon sauro ce ko ta taifot ko ta mura, garkuwar jiki kan saki wasu sinadarai da ke sa a samar da wani abu mai suna purostagilandin a kusa da haipotalamus. Shi ne ke ɗaga ma'aunin daga 37 zuwa 39 ko 40. Daga nan jiki yana ganin 37 a matsayin sanyi, sai ya shiga aikin ɗumama kansa. Abin da ya sa ke nan mai masassara ke karkarwa, hannuwansa su yi sanyi, yana neman bargo ana tsakiyar Afrilu. Idan zafin ya kai sabon matsayin, sai ya tsaya. Idan ma'aunin ya sauko, sai gumi ya karyo, a ce masassara ta sauka.

Abin lura shi ne, zafin masassara yana da linzami. Da wuya ya wuce digiri 41, domin ƙwaƙwalwa ce ta sa shi kuma ita ke tsare iyakarsa. Haɗarin da ke cikin masassara yawanci na cutar da ta haddasa ta ne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kashe, ƙarancin jini ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ne ya kashe shi, digiri 39.5 ɗin alama ce kawai.

Parasetamol, da ibuprofen, da asfirin suna rage samar da purostagilandin ɗin nan ne. Da ya ragu, ma'auni ya dawo ƙasa, jiki da kansa ya fitar da zafin. Ƙwayar ba ta sanyaya jini ko kaɗan. Idan kuma aka kwara wa mai masassara ruwan ƙanƙara alhali ma'auninsa na kan 39.5, jikinsa zai yi gardama: fata ta matse, karkarwa ta ƙaru, ya wahala, zafin kuma ya dawo.

## Bugun zafi: ma'auni na nan, jiki ne ya kasa

A bugun zafi haipotalamus bai ɗaga komai ba, yana nan a kan 37 yana ta neman a sauke zafi. Matsalar ita ce zafin da ke shigowa daga waje, da wanda tsoka ke samarwa, sun fi wanda jiki ke iya fitarwa. Kamar bambancin wutar murhu da gobara ne: ta farko uwar gida ce ta iza ta kuma za ta iya janye itacen, ta biyu ba mai iko da ita, sai ruwa.

Zafin fatar mutum kusan digiri 35 ne. Muddin iska ta fi wannan zafi, ba ta ɗauke zafi daga jiki, ƙara masa take yi. Hanya ɗaya ta rage, wato bushewar gumi. Kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580, amma gumin da ya ɗiga ƙasa bai sanyaya komai ba. Idan ruwan jiki ya ƙare, ko zuciya ta gaza tura jini zuwa fata, ko iska ta cika da laima kamar yadda ake samu gab da faɗuwar damina, sai zafi ya fara taruwa a ciki ba tare da wata iyaka ba. Yana iya kai 41, 42, har sama.

Ma'anar da likitoci ke aiki da ita tana da ƙafa biyu: zafin ciki sama da digiri 40, tare da rikicewar hankali. Rikicewar na iya zama sambatu, faɗa ba dalili, tangaɗi, farfaɗiya ko suma. Ƙafa ta biyun ce ke raba shi da galabaitar zafi, inda mutum ke jin jiri, kasala, ciwon kai da tashin zuciya, amma ya san inda yake kuma yana amsa magana daidai. Mai galabaita inuwa da ruwan sha da ɗan gishiri sukan ishe shi. Da zarar magana ta fara kaucewa, an shiga wani babi.

Iri biyu ne. Akwai na masu aikin ƙarfi: ɗan dako, magini, soja a atisaye, ɗan ƙwallo. Wannan yakan zo cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma mutumin yakan kasance yana gumi sharkaf. Akwai kuma na masu rauni, wanda ke taruwa a hankali cikin kwanaki: tsoho a ɗakin kwano da daren da ba wutar lantarki, jariri da aka naɗe da zani biyu, mai ciwon zuciya ko sukari, mai shan maganin hawan jini da ke sa fitsari, ko wasu magungunan taɓin hankali da ke rage gumi. A nan fata takan bushe. Maganar da ta yaɗu cewa mai bugun zafi ba ya gumi ta dace da iri na biyu ne kawai, kuma ta sa an yi sakaci da matasa da yawa da suka faɗi da rigarsu jiƙe.

A wannan mataki zafin da kansa ne cutar. Sama da 41, ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda da tsoka suna fara lalacewa, bangon hanji na yoyo ya saki guba cikin jini, daskarewar jini ta rikice. Girman ɓarnar ya dogara ga yawan zafin da tsawon mintocin da aka yi a cikinsa. Shi ya sa ƙa'idar da masu aikin gaggawa ke bi ita ce a sauko da zafin ciki ƙasa da 39 cikin minti 30 daga faɗuwa.

Parasetamol ba shi da abin yi a nan, domin ba ma'aunin da zai saukar. Ƙari a kan haka, hanta ce ke sarrafa shi, ita kuwa tana cikin gaɓoɓin da zafin ke fara taɓawa. Ibuprofen na ƙara wa ƙoda nauyi, asfirin na ƙara haɗarin zubar jini. Babbar asarar ma ita ce ta lokaci, domin ƙwaya na ɗaukar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin a ga aikinta, kuma wannan jiran shi ne lokacin da ya kamata a yi sanyayawa.

## Misali: ɗan dako a tashar albasa

Mu ɗauka wani saurayi ne mai nauyin kilo 70, yana lodin buhunan albasar Galmi a babbar mota tun hantsi. Da ƙarfe biyu na rana ya fara zagin abokan aikinsa ba gaira ba dalili, ya yi tangaɗi, ya zube. Da safe lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya ji ya koka da sanyi ko ciwon gaɓɓai. Jikinsa zau, yana numfashi da sauri, yana jiƙe. Mu ɗauka zafin cikinsa 42 ne.

Digiri uku ake son saukewa. Idan aka tsoma shi cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara har wuya, zafi kan sauka da kusan digiri 0.15 zuwa 0.2 a minti, wato aikin minti 15 zuwa 20. Idan aka tuɓe shi ana ta yayyafa ruwa ana fifita da ƙarfi, saurin yakan kai kamar rabin wannan ko ƙasa, wato minti 30 zuwa sa'a guda. Idan kuwa ƙullin ƙanƙara kawai aka sa masa a hamata da wuya, to ana iya wuce sa'a ɗaya da rabi ba a kai ba, domin wurin da ƙanƙarar ta taɓa ɗan kaɗan ne. Idan aka ba shi ƙwaya aka lulluɓe shi ana jiran gumi ya karyo, kamar yadda ake yi wa mai masassara, zafin ma ƙaruwa zai yi.

A tasha ba bahon wanka, amma akwai tamfol. Bayan an janye shi inuwa an cire masa riga da wando, sai a shimfiɗa tamfol a kwantar da shi a kai, mutum huɗu zuwa shida su ɗaga gefunan ya zama kwarmi. A zuba ruwa mafi sanyi da ke kusa, a farfasa ƙanƙara daga masu sayar da ruwan leda a zuba, ana girgiza tamfol ɗin domin ruwan ya riƙa zagayawa. Mutum ɗaya aikinsa kawai riƙe kai sama da ruwa. Wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ya nemo mota tun yanzu.

Akwai abin da ake yawan mantawa: ruwan famfo ko na jarkar da ta wuni a rana a watan Afrilu yakan ɗumama har ya kusa zafin jiki. Tsoma mutum a cikinsa ba ya sauke komai. Ruwan randa ko na rijiya ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan ruwan ɗumin kaɗai ake da shi, to a yi amfani da shi ta hanyar yayyafi da fifita, da kwali ko faifai ko tabarma, domin a nan bushewar ce ke aiki. Busasshiyar iskar Adar a Maris da Afrilu tana taimaka wa wannan hanya sosai. Amma kada a rufe shi da jiƙaƙƙen zani a bar shi haka, domin zanin na ɗumama cikin ƴan mintoci ya koma bargo.

Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki, yana iya shaƙewa ya tafi huhu. Idan ya yi amai ko farfaɗiya, a karkata shi gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa, a ci gaba da sanyayawa. Sau da yawa jijjiga da sambatu kan sa a ce iska ce ta taɓa shi a tafi neman mai tofi. Addu'a ba ta hana zuba ruwa, ana iya haɗa su a lokaci guda. Idan ya farfaɗo yana iya haɗiya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko da yana azumi, domin malamai ba su yi saɓani ba a kan halascin karya azumi don ceton rai.

Yaushe za a tsaya? Inda ake da awon dubura, ana fitar da shi idan ya sauko wajen 38.5 zuwa 39, saboda zafin kan ci gaba da sauka bayan an fitar da shi. Inda babu, ana fitar da shi idan hankalinsa ya dawo, ko bayan kamar minti 15 zuwa 20 a ruwan ƙanƙara, sannan a wuce asibiti.

## Inda ra'ayoyi suka bambanta

An daɗe ana koyar da cewa ruwan ƙanƙara haɗari ne, domin yana matse jijiyoyin fata ya kulle zafi a ciki, ya kuma kawo karkarwa. Wannan tunani yana da tushe, kuma gaskiya ne a wurin mai masassara ko mai lafiya. Amma awon da aka yi a kan sojoji da ƴan tsere ya nuna cewa a bugun zafi ruwan yana ɗauke zafi da ƙarfin da ya rinjayi wannan matsewar. A tseren Falmouth na Amurka an bi bayanan mutum 274 da suka samu bugun zafi aka tsoma su a ruwan sanyi nan take, ba wanda ya mutu. Game da matashi mai aikin ƙarfi, gardamar ta kusa ƙarewa.

Game da tsofaffi ba a gama daidaitawa ba. Wasu likitoci sun fi son yayyafi da iska, saboda tsoho mai ciwon zuciya yana da wuyar lura idan yana cikin ruwa, kuma wannan ce hanyar da aka gina a kanta na'urar sanyaya alhazai da aka fara amfani da ita a Makka wajen 1980. Wasu kuma na ganin jinkirin sanyayawa ya fi ruwan sanyi haɗari, shi ya sa asibitoci da dama yanzu ke sa tsofaffin ma cikin ruwan ƙanƙara a ƙarƙashin kulawa. A gida, ga tsohuwar da ba mai iya ɗaga ta, abin da ya fi yiwuwa shi ne a fito da ita daga ɗakin kwano zuwa rumfa, a rage tufafi, a yi ta jiƙawa da fifita.

Sai batun wanne ke gaba, sanyayawa ko tafiya asibiti. Ƙa'idar masu wasanni da soja ita ce a sanyaya tukuna. Hujjarsu lissafin da ke sama ne: neman mota, hanya da jiran layi suna cinye minti 30 ɗin. Masu ɗari-ɗari da wannan suna cewa wanda ba likita ba zai iya kuskuren gane cutar. Hanyar da ta haɗa biyun ita ce a fara sanyayawa nan take yayin da ake neman mota, a ci gaba da yi a cikinta da tagogi buɗe. Ɗora sumammen mutum a kabu-kabu a tsakiyar rana da kayansa a jiki shi ne mafi munin zaɓi.

## Idan ba a tabbatar ba

Wannan damuwa ta kuskure tana da nauyi a yankinmu, domin bazara ita ce kuma ƙarshen lokacin sanƙarau, kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko da ya fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Dukkansu suna zuwa da jiki zau da gushewar hankali. Lambar da ma'auni ya nuna ba za ta raba su ita kaɗai ba: yaro na iya kai 40.2 da masassara yana shan nono yana kallon uwarsa, tsoho kuma hamatarsa ta nuna 38.6 alhali yana cikin bugun zafi.

Labarin yadda abin ya fara ya fi amfani. Wanda ya kwana biyu yana jin sanyi da karkarwa, ciwon kai da amai, ko wuyansa ya sandare, cuta ce ta fi kusa. Wanda ya tashi lafiya ya faɗi a bakin aiki, ko aka same shi a rufaffen ɗaki ko mota, zafi ne ya fi kusa. Idan an rasa ta cewa, kuma hankali ya gushe a ranar tsananin zafi, a sanyaya a kuma tafi asibiti. Jiƙa mai sanƙarau a kan hanya ba zai ƙara masa wata babbar illa ba, amma barin mai bugun zafi ba sanyayawa na iya kashe shi. A asibiti za a yi gwajin yatsa na zazzaɓin sauro, a auna sukarin jini, a duba alamun sanƙarau. Abu biyun ma suna iya haɗuwa, domin mai masassara da ya fita aiki a rana ya fi mai lafiya saurin samun bugun zafi.

Ga masassarar da hankali ke nan daram, matakin farko bai canza ba: tufafi marasa nauyi, ruwan sha da yawa, parasetamol gwargwadon nauyi, wato miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo ga yaro duk bayan awa 6, sannan gwaji a asibitin unguwa a rana ɗaya. Jaririn da bai kai wata uku ba, kowane zafin jiki na kai shi asibiti ne kai tsaye.

## Bayan an farfaɗo

Wanda ya farfaɗo daga bugun zafi a tasha yakan so ya koma gida, iyalansa ma su ga ba dalilin kashe kuɗi. Sai dai illar hanta takan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, ta ƙoda ma tana iya ɓoyewa da farko. Fitsari mai launin shayi alama ce ta narkewar tsoka da ke iya toshe ƙoda. Ƙarancin fitsari, idanu rawaya, jini daga dasashi ko hanci, da dawowar ruɗewa duk na buƙatar babban asibiti inda ake gwajin jini. A waɗannan kwanaki kada ya sha parasetamol ko maganin ciwon jiki na ƴan tebur sai da izinin likita. Aikin ƙarfi kuwa a jinkirta shi aƙalla mako guda, kuma idan zai koma ya fara da na safe da yamma, yana ƙarawa a hankali cikin mako biyu, domin jikin da ya taɓa samun bugun zafi yakan jima bai dawo da juriyarsa ba.